Tukunyar Ƙasa, Ta Roba Ko Ta Tangaran: Yadda Mazubi Ke Canza Ban Ruwa da Lafiyar Saiwa

Duk wanda ya taɓa sayen dashen fure ko na attarugu a bakin titi ya san tambayar da ake yi wa mai sayarwa kafin a biya kuɗi: sau nawa zan riƙa ba shi ruwa? Amsar da aka fi samu ita ce kullum safe da yamma, ko bayan kwana bibbiyu. Mai sayarwar gaskiyarsa ya faɗa, domin abin da yake yi wa dashensa ke nan a cikin baƙar leda, a ƙarƙashin inuwar darbejiya. Amma da zarar an kai dashen gida an juye shi a wani mazubi, lissafin ya canza. Ban ruwan da zai raya shuka a tukunyar ƙasa a watan Afrilu, shi ne zai ruɓar da saiwar irin wannan shukar a bokitin roba a watan Agusta. Mai shuka kuwa yakan ɗora laifin a kan iri, ko taki, ko ya ce hannunsa ne ba ya karɓar shuka, alhali matsalar tana jikin mazubin.

Ruwan da aka zuba a tukunya yana da hanyoyin fita. Wani ya tsiyaye ta hudar gindi nan take. Wani iska da rana su shanye shi ta saman ƙasa. Wani kuma shukar ta zuƙe shi ta saiwa, ta fitar ta ganye. Waɗannan hanyoyi uku kowane mazubi mai huda yana da su. Tukunyar ƙasa kaɗai ke da ta huɗu, wato jikinta, kuma kusan duk bambancin da za mu tattauna daga nan ya samo asali.

Abin da jikin tukunyar ƙasa ke yi

Maginan tukwanenmu na gargajiya suna gasa yumɓu a fili, da itace da kara da ciyawa, kuma zafin irin wannan wuta bai cika wuce digiri 600 zuwa 900 a ma'aunin Salshiyas ba. Wannan zafi ya isa ya mai da yumɓu abin da ba zai koma laka ba, amma bai isa ya narkar da shi ya toshe 'yan kafofin da ke tsakanin ƙwayoyinsa ba. Saboda haka jikin tukunyar cike yake da ƙananan kafofi da ido ba ya gani. Dalilin sanyin ruwan randa ke nan: ruwa yana naso ta jikinta, iska tana shanye nason, kuma duk ruwan da ya tashi sai ya tafi da zafi. Tukunyar shuka ma haka take yi, sai dai ita daga jiƙaƙƙiyar ƙasar da ke cikinta take jawo ruwan.

Mutane da yawa ba su lura da girman wannan hanya ba. A ɗauki tukunya mai faɗin baki santimita 25, faɗin gindi 18, tsawo 22, wadda ke cin ƙasa kimanin lita 8. Idan aka auna, filin bakinta bai kai murabba'in santimita 500 ba, amma filin jikinta ya kai 1,500. Ashe jikin ya ninka bakin sau uku. Ba wai kowane ɓangare na jikin yana zubar da ruwa da saurin da buɗaɗɗiyar ƙasa ke yi ba, amma ko da rabin saurin ne, an ga yawan ruwan da ke fita ta inda mai shuka bai sa ido ba.

Ana yawan cewa tukunyar ƙasa tana numfashi. Akwai gaskiya a ciki, amma ina ganin an fi fahimtar maganar ta wata fuska. Jikin tukunya idan ya jiƙe sharkaf, iskar da ke ratsa shi kaɗan ce, domin ruwa ya cika kafofin. Babban aikin da take yi wa saiwa shi ne janye rarar ruwa daga ƙasa, kuma duk gurbin da ruwa ya bari iska ce ke maye shi. Saiwa tana buƙatar iskar oksijin dare da rana. Wannan iska tana tafiya a cikin ruwa a hankali ƙwarai, kusan sau 10,000 ƙasa da saurinta a sarari. Ƙasar da ruwa ya cika dukkan kafofinta, saiwa za ta cinye 'yar iskar da ta rage cikin ɗan lokaci, musamman in ana zafi. Daga nan ƙananan gashin saiwa su fara mutuwa, ƙwayoyin cuta masu son laima su samu ƙofa, ruɓa ta shiga.

A kowace tukunya, bayan ruwa ya gama tsiyayewa, akwai wani sashe a can gindi da ke zama jiƙe sharkaf, domin ƙasa tana riƙe ruwan kamar yadda tsumma ke riƙe shi a leɓensa na ƙasa in an shanya. Laushin ƙasa ne ke ƙayyade kaurin wannan sashe: ƙasa mai laushi ta riƙe da yawa, mai tsakuwa-tsakuwa ta riƙe kaɗan. A tukunyar ƙasa, jikin tukunyar yana tsotse wannan ruwa ta gefe. A roba da tangaran kuwa, yana nan zaune sai saiwa ta sha shi. In shukar ƙarama ce, saiwarta ba ta kai can ba, sai ya kwana ya wuni har ya fara wari.

Nan ne wata al'ada da ta yaɗu take cutarwa, wato shimfiɗa tsakuwa a gindin tukunya wai don ruwa ya wuce. Ruwa ba ya son barin ƙasa mai laushi ya shiga tsakuwa sai ƙasar ta cika ta batse. Abin da tsakuwar ke yi shi ne ɗaga jiƙaƙƙen sashen sama, kusa da saiwa, ta kuma rage wa shuka wuri. Katanga ɗaya ta fasasshiyar tukunya a kifa kan hudar don kada ƙasa ta zube, ta isa.

Attarugu uku, mazubi uku

Mu ƙaddara an dasa attarugu uku masu girma ɗaya a tsakar wani gida a Kano, ɗaya a tukunyar ƙasa, ɗaya a baƙar roba, ɗaya a tangaran mai huda, kowanne mai cin lita 8 kamar wadda muka auna. Alƙaluman da za su biyo baya misali ne na yadda ake lissafin, kowa zai samo nasa da sikeli. Abin da ya sauƙaƙa aikin shi ne lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce. In an shayar da tukunya ta gama tsiyaya aka auna, gobe war haka aka sake aunawa, giram nawa ta rage, ruwan da ta rasa ke nan.

A ce haɗin ƙasar yana riƙe ruwan da shuka za ta iya sha kimanin lita 2. Ba a jira sai ya ƙare, domin attarugun da ya sha ƙishirwa yana kakkaɓe furensa. Ana so a ƙara ruwa idan kusan rabi ya tafi, wato lita ɗaya.

A watan Afrilu, lokacin da zafin rana a Kano kan kai digiri 40, a ce kowane attarugu yana shan rabin lita a wuni, saman ƙasa kuma yana rasa giram 200. Na roba da na tangaran sun rasa giram 700 ke nan, litarsu ɗaya za ta kai su kusan kwana ɗaya da rabi. Na tukunyar ƙasa, in jikinta ya ƙara zubar da giram 400, ya rasa kilo ɗaya da giram 100 a wuni guda. Shi kullum ne ba fashi, ranar da iska ta kaɗa da ƙarfi ma sai an leƙa shi da la'asar. Wanda zai yi tafiyar kwana biyu a wannan wata, tukunyar ƙasa ce za ta fara ba shi kunya.

Yanzu a juya zuwa Agusta. Sama a lulluɓe, iska cike da laima. A ce attarugun yana shan giram 150 kawai, saman ƙasa yana rasa 50. Na roba da na tangaran sai sun kwana biyar kafin su rasa lita ɗaya, kuma kafin kwana biyar ɗin su cika an sake yin ruwan sama. Ƙasarsu za ta iya shafe makonni ba ta sha iska ba. In mai gida bai bar al'adarsa ta safe da yamma ba, ya ƙara wa Barno dawaki. Tukunyar ƙasa ita ma nasonta yana raguwa a damina, tunda iskar ba ta da ƙishirwa, har jikinta yakan yi gansakuka. Duk da haka, da rana ta ɗan leƙo ita ce ke fara tsanewa, kuma wannan 'yar tazara takan raba saiwar da ta tsira da wadda ta ruɓe.

Hunturu yana da nasa ruɗin. Gari ya yi sanyi, mutum ya ɗauka shuka ba ta buƙatar ruwa, amma iskar busasshiya ce ƙwarai, laimarta kan sauka ƙasa da kashi 20 cikin 100. Tana lashe jikin tukunyar ƙasa dare da rana. A roba kuwa, sama-sama ne kawai ke bushewa, ciki na nan da danshi, kuma shukar ta rage sha saboda sanyi. Sai a ga an bar na tukunyar ƙasa da ƙishirwa, ana ɗura wa na roba ruwan da bai nema ba.

Akwai wani abu a lissafin nan da ya cancanci a tsaya a kansa. Idan attarugun ya girma ya cika ganye, har yana shan lita ɗaya da rabi a wuni, giram 400 na jikin tukunya sun zama ƙaramin kaso, duk mazuban uku za su nemi ruwa kullum. Idan kuma ɗan dashe ne mai ganye huɗu da ba ya shan ko giram 50, to kusan mazubin ne kaɗai ke yanke hukuncin lokacin da ƙasa za ta bushe. Saboda haka haɗarin roba da tangaran ya fi yawa ga ƙaramin dashe a babban mazubi. Na fi ganin furanni sun mutu ta wannan hanya fiye da kowace: an sayo ɗan tsiro a leda, an ga ya dace a karrama shi da ƙatuwar tukunya mai sheƙi, sai ya zauna a tsakiyar ƙasar da ba zai iya shanye ruwanta ba. Sabon mazubi kada ya wuce tsohon da fiye da santimita 3 zuwa 5 a faɗi.

Zafi, inda roba ke yin ɓarnar da ba a gani

Littattafan lambu da aka rubuta a ƙasashen sanyi sun fi damuwa da ruɓa. Mu a nan muna da matsala ta biyu, wato dahuwar saiwa. Saiwar yawancin shuke-shuke tana rage girma idan zafin ƙasa ya haura digiri 35, tana kuma mutuwa idan ya kai wajen 45 zuwa 50 ya ɗan jima. Baƙar roba da rana ke duka kai tsaye, ƙasar da ke manne da gefenta tana iya wuce digiri 50. Roba siririya ce, ba ta tare zafi, ba ta kuma naso balle ta huce. Abin takaici, saiwar shukar tukunya a gefe take taruwa, daidai inda zafin ya fi tsanani.

Ana gane wannan ɓarna idan aka zare shukar daga mazubi. Gefen da ke kallon inuwa zai kasance cike da fararen saiwoyi, gefen da ke kallon yamma kuwa fayau, ko kuma saiwoyin sun yi ruwan ƙasa sun bushe kamar zare. Shukar ta rasa kusan rabin bakin shan ruwanta, don haka tana yaushi da rana ko da ƙasa na da danshi. Mai ita ya ƙara ruwa, rabin da ya rage shi ma ya shiga haɗarin ruɓa. Simintin tsakar gida da rufin bene suna ƙara tsananta abin, domin suna gasa gindin daga ƙasa.

Maganin ba shi da tsada. A ɗora mazubin kan katako ko bulo biyu don ya rabu da siminti. A zaɓi farar roba, ko a naɗe baƙar da buhun algarara ko tsohuwar tabarma. A jera mazuban kusa da juna su yi wa juna inuwa. Wanda ya fi duka a ganina shi ne a zura robar cikin tukunyar ƙasa da ta fi ta girma, a cika tsakaninsu da yashi mai danshi. Dabarar ba baƙuwa ba ce a Arewa: da ita Mohammed Bah Abba, malami a Jigawa, ya yaɗa tukunya cikin tukunya don adana tumatir da ganye ba tare da lantarki ba, aikin da ya samo masa lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000. Ga mai shuka, robar tana riƙe ruwan saiwa, tukunyar waje tana naso tana sanyaya ta. Sharaɗi ɗaya ne, dukansu biyu su kasance da huda, hudar robar kuma kada ta toshe.

Tangaran

Sheƙin da ke jikin tangaran gilashi ne. Ana shafa wa tukunya wani haɗi, a mai da ita wuta ya narke ya lulluɓe ta. Wani tangaran ɗin ma jikinsa kansa an gasa shi a zafin digiri 1,200 zuwa 1,300 har kafofinsa sun toshe. Irin wannan aiki ne Michael Cardew ya kawo cibiyar koyar da ginin tukwane da aka buɗe a tsohuwar Abuja, wato Suleja ta yau, a farkon shekarun 1950, inda Ladi Kwali, wadda hotonta ke jikin takardar naira 20, ta shiga a 1954. Ta riƙa gina tuluna da siffar gargajiya, ana yi musu sheƙi ana gasa su a babbar wuta. Sun yi kyau, sun zaga duniya, amma irin wannan tulu ba ya naso, don haka ba ya sanyaya ruwa.

Ta fuskar ban ruwa, a ɗauki tangaran tamkar roba. Inda ya fi ta shi ne kauri da nauyi: ba ya ɗaukar zafi da sauri, iska ba ta kayar da shi, rana ba ta cinye shi kamar yadda take sa roba ta yi fari ta riƙa karyewa. Amma mai duhun launi in ya wuni a rana yana riƙe zafin har bayan magariba. Wani tangaran ɗin waje kawai aka yi wa sheƙi, ciki ba a yi ba. Wannan zai sha ruwa kaɗan a jikinsa, amma ruwan ba shi da inda zai fita, don haka hukuncinsa ɗaya da sauran.

Babban aibin tangaran shi ne da yawa ana sayar da su ba huda, domin don ado aka yi su. Dasa shuka kai tsaye a mazubi marar huda jinkirta mutuwarta ne kawai. Ko dai a kai wa masu aikin tayil su huda shi da bakin injin da suke huda tayil, a hankali, ana zuba ruwa a wurin, ba tare da bugu ba, ko kuma a bar shukar a robarta a zura cikin tangaran ɗin. In lokacin ban ruwa ya yi a fito da ita, a shayar, ta tsane, a mayar.

A yi hattara da tukwanen ƙasa da na siminti da masu sayar da furanni ke yi wa fentin mai don su ja ido. Fenti yana toshe kafofin, tukunyar ta koma ɗabi'ar roba duk da sunanta na ƙasa. Gwajin mai sauƙi ne: a ɗiga ruwa a jikinta. In wurin ya yi duhu ruwan ya ɓace nan da nan, tana naso. In ɗigon ya tsaya ko ya gangara, ba ta yi. Tsohuwar tukunyar da gishiri da gansakuka suka lulluɓe ita ma nasonta ya ragu, haka wadda magini ya goge jikinta da dutse har ta yi sulɓi.

Farin da ke fitowa a jikin tukunya

Ruwan rijiya da na burtsatse suna ɗauke da gishiri-gishirin ƙasa, takin zamani ma gishiri ne. Ruwa in ya tashi, gishirin yana nan. A tukunyar ƙasa yakan bi naso ya fito waje ya zama farin ɓawo kamar kanwa. Ganin sa ba abin tsoro ba ne, alama ce cewa wani kaso ya bar wurin saiwa. Sai dai tare da shi abincin shuka ma yana fita, shi ya sa shukar tukunyar ƙasa, wadda ake yawan shayarwa, ta fi saurin jin yunwa. A roba da tangaran gishirin yana taruwa a cikin ƙasar, ya ƙone bakin saiwa, gefen ganye ya bushe kamar wuta ta lashe shi. Yayyafa ruwa kaɗan-kaɗan kullum yana ƙara wannan matsala. In za a shayar, a shayar sosai har ruwa ya fito ta gindi, kuma sau ɗaya a wata a zuba ruwa mai yawa a hankali ya wanke ƙasar. Faranti in an sa a ƙarƙashi, a zubar da abin da ya taru bayan rabin awa, don saiwa da kuma don sauro.

Ƙishirwa ce ko nutsewa?

Shukar da ta sha ruwa ya yi mata yawa da wadda ta rasa ruwa duk yaushi suke yi, domin ruɓaɓɓiyar saiwa ba ta iya sha. Lokacin da ya fi dacewa a duba shi ne da sassafe. Yaushin tsakar rana da ke warwarewa da yamma ba komai ba ne. Amma shukar da aka tarar a langaɓe da asuba, ƙasarta jiƙe, mazubin da nauyi, ganyen ƙasa sun yi rawaya suna zuba, wannan ruwa ne ya yi mata yawa. In an zare ta za a ji wari, saiwar ta yi baƙi ta yi laushi, in an ja fatarta ta saɓule ta bar ɗan zare. Lafiyayyar saiwa fara ce, da ƙwari, tana ƙamshin ƙasa. In ruɓar ba ta kai ga kara ba ana iya ceto: a yanke duk abin da ya ruɓe da wuƙa mai tsabta, a rage ganye, a dasa a sabuwar ƙasa cikin ƙaramar tukunyar ƙasa, a ajiye a inuwa.

Kowane mazubi da yadda ake tambayarsa. Roba ba ta da nauyi, don haka ɗagawa kawai ta isa, hannu zai saba da nauyin jiƙaƙƙiya da busasshiya cikin 'yan kwanaki. Tukunyar ƙasa launinta ke magana, mai danshi tana da duhu da sanyi a tafin hannu, busasshiya ta yi haske, in an ƙwanƙwasa ta kuma tana amo, saɓanin jiƙaƙƙiya mai dusasshen sauti. Tangaran ba ya nuna komai, ga nauyi. Shi sai a soka tsinken tsire har gindi, a bar shi minti kaɗan a zare. In ya fito da danshi da ƙasa manne, a dakata.

Tukunyar ƙasa tana da tata cutar. In ƙasarta ta bushe ƙarau takan tsuke ta rabu da jikin tukunyar, sai ruwa ya bi ta wannan tsagar ya fice ta gindi ba tare da ya jiƙa tsakiya ba. Mai shuka ya ga ruwa ya fito ya ɗauka ta ƙoshi. Maganinsa a tsoma tukunyar a baho mai ruwa zuwa rabinta na kamar minti 30, ta sha daga ƙasa. Sabuwar tukunya ma a jiƙa ta ta kwana kafin dashe, in ba haka ba ita za ta fara shanye ruwan ɗan dashen. Kuma saiwa tana manne wa jikinta, don haka ranar canza mazubi a shayar tukuna, a zagaya gefen da wuƙa, kada a fizge. A roba saiwa ba ta mannewa, sai dai ta yi ta zagaye santsin gefen har ta naɗe kanta. Dashen itace irin su lemo da gwaiba, in ba a warware ko an yanke wannan naɗin ba kafin a kai su ƙasa, yana bin su har girma.

Wace shuka a wane mazubi? Masu ajiye ruwa a jikinsu, kamar alobera da kariya, tukunyar ƙasa ce tasu, ban taɓa ganin dalilin sa su a tangaran ba. Na'a-na'a da ɗaɗɗoya masu son danshi sun fi jin daɗin roba a inuwa. Tumatir da attarugu za su yi a kowanne in mazubin ya kai lita 10 zuwa 20, bokitin fenti ma yana yi in an wanke shi an huda gindinsa wuri biyar ko shida da ƙusa mai zafi.

Haɗin ƙasa shi ne ke gyara raunin kowane mazubi. Ga tukunyar ƙasa, kwano biyu na ƙasar lambu, ɗaya na ruɓaɓɓen taki, ɗaya na yashi, a rufe saman da busasshiyar ciyawa a bazara da hunturu. Ga roba da tangaran a rage ƙasar lambu zuwa kwano ɗaya, taki ɗaya, yashi mai gwari-gwari ɗaya, a ƙara kwano ɗaya na ɓuntun shinkafa da aka babbaka ko dakakken gawayi. Yashi mai laushi kamar gari ba ya buɗe ƙasa, cike kafofinta yake yi, don haka a nemi na rafi irin wanda magina ke kwaɓa kankare da shi. Da damina ta kankama, a janye robobi da tangaran zuwa ƙarƙashin rumfa inda suke samun haske ba tare da kowane ruwan sama ya sauka a kansu ba, a cire farantan ƙarƙashinsu gaba ɗaya, a kuma riƙa kifa ido a kan hudar gindi, domin saiwa da laka sukan toshe ta ba a sani ba.